Babi na Shida: Wanki Biyu Kafin Kwanciya

Kwalliyar zamani ba irin ta iyayenmu ba ce. Hodar da suka sani gari ce da ake shafawa bisa ɗan mai, gumi kaɗai ya isa ya kwashe ta. Wadda ake yi wa amarya da ƙawayenta a yau kuwa, an ƙera ta ne musamman don kada ta motsa. Mai kwalliya za ta fara da man shimfiɗa, ta ɗora fandeshan, ta bi da abin ɓoye tabo, ta danne da hoda, sannan ta fesa ruwan da ke kafe komai. Burinta shi ne a shiga zauren biki da yamma a fito tsakar dare, an yi rawa an yi gumi, wata ma ta yi kuka, amma fuska na nan yadda aka zana ta. Man kariyar rana, wanda ake kira sanskirin, shi ma haka aka yi shi, domin idan gumi zai wanke shi a cikin minti goma to ba shi da amfani.

Abin da aka yi don ya jure ruwa, ruwa ba zai fitar da shi ba. Wannan ita ce maganar babin nan gaba ɗaya. Mace ta tsaya a banɗaki tana dirzar fuska da sabulu da soso, tana ƙara ƙarfi saboda ta ga baƙi bai bar gefen ido ba, alhali matsalar ba ta ƙarfi ba ce. Ba a kankare irin wannan kwalliya, narkar da ita ake yi.

Me ya sa sabulu kaɗai ba ya isa

Fandeshan mai daɗewa da maskara mai jure ruwa da jan bakin da ba ya gogewa duk asalinsu ɗaya ne. Launi ne aka cuɗa da kakin zuma ko makamancinsa, da sinadarin silikon, da wani ruwa mai saurin bushewa. Da zarar an shafa, ruwan ya tashi, sai sauran su bar wani siririn rufi a kan fata wanda ruwa ke zamewa a kansa. Sanskirin ma yana da irin wannan rufi, shi ke riƙe sinadaran tare rana a wurinsu. A Amurka, doka ta ce kamfani ba zai rubuta cewa mansa na jure ruwa ba sai ya gwada, ya kuma faɗi ko minti 40 ne ko minti 80 man zai yi a cikin ruwa yana aiki. Man da ya yi minti 80 a jikin mai iyo bai fita ba, kumfar daƙiƙa ashirin ba za ta gama da shi ba.

Duk wanda fentin mai ya taɓa zuba wa a hannu ya san ruwa ba ya fitar da shi, sai an nemi kananzir. Dalilin ɗaya ne: maiƙo a cikin maiƙo yake narkewa. Kaki da silikon da man da fata ke fitarwa duk dangin mai ne, don haka mai ne ke iya shiga tsakaninsu ya sassauta su. Gumi da gishirinsa da ƙurar hanya kuwa dangin ruwa ne. Fuskar da ta wuni da kwalliya tana ɗauke da datti iri biyu, shi ya sa ake mata wanki biyu: na farko da mai, na biyu da abin wanki mai laushi da ruwa.

An gwada wannan a aikace. A wani bincike da likitocin fata suka yi a ƙasar Sin kan mutum 20, an shafa musu sanskirin, aka wanke ta hanyoyi uku, sannan aka auna abin da ya saura da na'urar ɗaukar hoton fata. A kan sanskirin mai jure ruwa, ruwa zalla ya bar fiye da rabi, abin wanke fuska mai kumfa ya bar fiye da kashi ɗaya cikin uku, man wanki kuwa ya bar kimanin kashi 6 cikin 100 kacal. Amma a kan sanskirin na yau da kullum, wanda ba ya jure ruwa, mai kumfa da man wanki sun yi kusan kunnen doki. Ki riƙe wannan sakamako na biyu, za mu dawo kansa, domin shi ke nuna ranar da ba ki buƙatar wanki biyu.

Dabarar ta shahara ne daga Japan da Koriya ta Kudu. Shu Uemura, ɗan Japan da ya yi aikin kwalliyar 'yan fim a Amurka, shi ne ya yaɗa man wanke fuska a ƙasarsa a shekarun 1960, bayan ya ga yadda fatar 'yan wasa ke wahala da sa kwalliya mai nauyi da cire ta kullum. Abin da ya bambanta irin wannan mai da man girki shi ne an sa masa wani sinadari mai haɗa mai da ruwa. A busasshiyar fata yana aiki a matsayin mai, yana narkar da kwalliya. Da ruwa ya taɓa shi, sai sinadarin ya farfasa man ya zama ƙananan ɗigo masu iyo a cikin ruwa, ya koma fari fat, ya bi ruwan ya tafi da dattin da ya ɗauka. Yana zuwa a ruwa-ruwa cikin kwalba mai famfo, yana kuma zuwa a daskare cikin gwangwani, wanda ke narkewa da ɗumin hannu. Aikinsu ɗaya. Idan kina shakkar abin da aka sayar miki, ɗiga kaɗan a tafin hannu, ki ƙara ruwa ki murza. In ya yi fari ya wanke tas, man wanki ne. In ya zauna yana santsi, mai ne kawai.

Daren dina, mataki-mataki

Mu ɗauki babbar ƙawar amarya wadda aka yi wa kwalliya da ƙarfe huɗu na yamma, ta dawo gida sha biyun dare. A fuskarta akwai sanskirin, fandeshan mai kauri, hoda, jagira, maskara mai jure ruwa, kwalli a cikin ido, gashin ido na kanti da aka manna da gam, da jan baki mai kafewa. Wajen minti takwas za ta buƙata, kuma tsarin da za ta bi yana da muhimmanci.

Ta fara da ɗaure gashinta baya yadda goshi da gefen kunne za su bayyana, ta wanke hannu da sabulu, ta tsane shi sosai. Idan tana sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido, yanzu za ta cire shi, kafin mai ya kusanci ido. Kada ta jiƙa fuska. Nan ne mafi yawan masu amfani da man wanki ke yin asara: sun watsa ruwa tukuna, ko sun zuba man a jiƙaƙƙen hannu, sai ya yi fari tun bai taɓa kwalliyar ba, ya rasa ƙarfin narkarwa. Daga nan sai su ce man ba shi da kyau.

Ido da leɓe ake fara yi, domin su suka fi launi mai ƙarfi, kuma ba a so a yaɗa baƙin maskara a kumatu. Ta jiƙa tsinken auduga da man wanki ko ruwan cire kwalliyar ido, irin mai hawa biyu da ake girgizawa kafin amfani, ta bi layin da aka manna gashin kanti. Bayan kamar rabin minti gam ɗin zai saki, sai ta kama gashin daga ƙarshen da ke wajen kunne ta ɗago shi a hankali zuwa wajen hanci. Idan ya ƙi, ƙarin mai da ƙarin jira yake so. Fizge shi a bushe kan tafi da gashin idonta na gaskiya, wanda zai ɗauki makonni kafin ya dawo.

Sai ta jiƙa faifan auduga sosai, ta rufe ido, ta ɗora shi a kai, ta bar shi daƙiƙa 20 zuwa 30 ba tare da motsi ba. Wannan jira shi ne aikin. A cikinsa ne maskara ke laushi. Sannan ta ja audugar ƙasa, yadda gashin ya kwanta, ta naɗe ta ta sake ja da gefe mai tsabta. Kowane ido da audugarsa, don kada ciwon ɗaya ya koma ɗayan. Kwallin da ya maƙale a gindin gashi, sabon tsinken auduga ne zai fitar da shi. Leɓe ma haka: a ɗora, a jira, a share. Fatar fatar ido ita ce mafi siranta a jiki, kuma yawan murza ta na daga cikin abin da ke duhunta zagayen ido.

Yanzu sauran fuska. Ta matsa famfo sau biyu ko uku, kimanin rabin ƙaramin cokali zuwa cokali guda, ta murza a tafin hannu, ta shimfiɗa. Kada ta yi rowar mai. Idan ya yi kaɗan yatsu za su riƙa jan fata maimakon su zame a kanta. Da kan yatsu, ba da farce ba, ta riƙa zagayawa a hankali na kimanin minti ɗaya. Za ta ga fandeshan ya saki ya gauraye da man ya zama ruwan ƙasa-ƙasa. Wuraren da ake mantawa su ne bakin gashin goshi, cikin gira, lungun hanci, ƙarƙashin haɓa, gaban kunne, da wuya, tunda mai kwalliya takan saukar da fandeshan har wuya don launi ya daidaita. Kada ta wuce minti biyu. Bayan kwalliya ta narke, ci gaba da murzawa yawo da datti ne kawai a fuska.

Mataki na gaba shi ne wanda ake yawan tsallakewa. Ta jiƙa yatsunta da ruwa kaɗan, ta ci gaba da murzawa har man ya koma fari ko'ina, kamar daƙiƙa 20 zuwa 30. Sai bayan haka za ta ɗauraye da ruwa mai yawa, mai ɗumi-ɗumi. Wadda ta kwara ruwa gaba ɗaya ba ta ba man damar yin fari ba, za ta bar rabinsa a fuska. Ruwan zafi kuma, ko da sanyin hunturu ya matsa, yana kwashe man da fata ke kare kanta da shi, ya bar ta a bushe.

Wanki na biyu gajere ne. Ɗan abin wanke fuska mai laushi, gwargwadon ƙwayar gyaɗa, a tayar da kumfarsa a hannu, a bi fuska da shi daƙiƙa 30 zuwa 60, a ɗauraye. Aikinsa kwashe ragowar mai da gumi da ƙura. Sai ta tsane fuska da tawul mai tsabta, dannawa ba gogewa ba, ta shafa man fuskarta tun fatar na da ɗan danshi.

Yadda za ki gane an fita ko an wuce gona da iri

Farin tawul ba ya ƙarya. Idan kin danna shi a bakin gashi da gefen hanci kin ga ruwan ƙasa, da saura. Idan da safe kin tashi da baƙi a ƙarƙashin ido, ko rigar matashin kai ta yi tabo, wankin ido ne bai kammala ba. Sanskirin mai sinadarin zink kan bar fari-fari a cikin gira da bakin gashi, kuma a baƙar fata ana ganinsa sarai a haske mai kyau. Ƙananan ƙuraje da ke jeruwa a layin goshi ko haɓa bayan kwana biyu da biki sukan nuna inda hannu bai kai ba.

Ido ya fi fuska shan wahala idan aka kwana da kwalliya. A bakin fatar ido, bayan gindin gashi, akwai jerin ƙananan ƙofofi masu fitar da man da ke hana hawaye saurin bushewa. Kwalli da maskara a daidai nan suke zama. Idan ƙofofin suka toshe, ido kan yi ja, ya yi ƙaiƙayi, ya ji kamar da yashi a ciki, wani lokaci hazbiya ta fito. A 2018 wata likitar ido a Ostireliya ta wallafa labarin wata mata mai shekara 50 da ta shafe shekara 25 tana sa maskara ba ta cirewa da kyau. Da aka juya fatar idonta, sai aka tarar da baƙaƙen ƙulle-ƙulle masu tauri a ciki suna kartar ƙwayar idon, sai da aka yi mata aiki. Irin wannan ba kasafai yake faruwa ba, amma ya nuna inda ragowar kwalliya ke taruwa.

Wuce gona da iri shi ma yana da alamunsa. Idan bayan wanki fuska ta ɗaure, ta yi ƙaf-ƙaf har yatsa na tirjewa a kanta, wannan ba tsabta ba ce, an kwashe garkuwar fata ne. Haka idan man da kika saba shafawa ya fara yi miki zafi, ko gefen baki da hanci suna saɓa. Mai laifi yawanci wanki na biyu ne. Fatar mutum tana da ɗan tsami, a ma'aunin pH tana wajen 5, sabulun gargajiya kuwa, har da sabulun salo, yana kai 9 zuwa 10. Bayan mai ya riga ya yi babban aikin, babu dalilin kawo sabulu mai ƙarfi haka. Kuma wannan ya fi shafar mu masu duhun fata: duk inda fatarmu ta ƙone ko ta kumbura, takan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni. Mace ta dirji fuska don ta kauce wa ƙuraje, ta ƙare da tabo, ta ƙara kaurin fandeshan don rufe shi, dirza ta ƙaru. Mai da haƙuri su ke katse wannan zagaye.

Idan babu man wanki a gida

Mai na gida yana narkar da kwalliya ƙwarai. Man zaitun, man riɗi, man kaɗe da basilin duk za su sassauta maskara da jan baki. Naƙasunsu shi ne ba su da sinadarin da ke haɗa su da ruwa, don haka ba sa ɗaurayuwa. Wadda za ta yi amfani da su sai ta murza a busasshiyar fuska kamar yadda aka bayyana, sannan ta jiƙa ƙyalle mai laushi da ruwan ɗumi, ta matse, ta shimfiɗa a fuska, ta ɗauke man a hankali sau biyu ko uku. A nan wanki na biyu wajibi ne, kuma ƙyallen a wanke shi a shanya bayan kowane amfani. Mai yawan ƙuraje ta guji man kwakwa a fuska, domin yana toshe ƙofofin fata ga mutane da dama. Mai fama da ƙyasbi ko amosani a gira da gefen hanci ta guji barin man zaitun a fata, saboda ƙwayar da ke haddasa su da irin wannan mai take rayuwa.

Ruwan maisela, wanda ya shahara daga Faransa, yana iya zama wanki na farko ga kwalliya marar nauyi. A jiƙa auduga sosai, a ɗora a jira, kuma a ɗauraye bayansa ko da kwalbar ta ce ba sai an ɗauraye ba. Irinsa marar mai ba ya iya fitar da maskara mai jure ruwa. Jiƙaƙƙen ƙyallen goge kwalliya na leda kuwa, na hanya ne da daren da babu ruwa. Yana ɗaukar wani abu, ya shafe sauran a fuska, kuma yana tilasta gogewa da ƙarfi.

Mai gashin ido irin wanda ake dasawa ɗaya-ɗaya ya yi makonni, ta nisanta mai daga gindinsa, domin yana iya raunana gam ɗin. Ta nemi abin wankin da aka yi domin irinsa.

Ba kowane dare ba

Wanki biyu magani ne ga matsala takamaimiya, wato abin da aka ƙera ya jure ruwa. Daren da kika sa fandeshan mai daɗewa, ko maskara mai jure ruwa, ko sanskirin mai jure gumi, ko kika yi ta maimaita sanskirin duk bayan awa biyu kina cikin rana, ki yi shi. Wannan ya haɗa da maza masu aiki a rana, da zabiya waɗanda sanskirin mai ƙarfi ya zame musu abin kullum. Ranar da hoda kawai kika shafa, ko sanskirin marar nauyi sau ɗaya da safe, wanki ɗaya mai kyau na minti guda ya wadatar, kamar yadda binciken nan ya nuna. Da safe kuwa babu dalilinsa ko kaɗan, tunda babu abin narkarwa.

Yanayi ma yana da hukunci. Da hunturu, lokacin da iska ke busar da fata har leɓe na tsagewa, mai busasshiyar fata tana iya tsayawa a man wanki kaɗai idan ya ɗauraye tas bai bar santsi ba. Da bazara, ga gumi ga ƙura, mai maiƙon fuska za ta fi jin daɗin yin duka biyun. Maiƙon fuska ba dalilin tsoron man wanki ba ne, domin ba zama yake yi ba, tafiya yake da ruwa. Wadda likita ya ɗora a kan maganin ƙuraje mai busar da fata, ko mai ciwon fata da ke tashi yana lafawa, ta zaɓi marar ƙamshi, kuma ta nuna wa likitan abin da take wanki da shi.

Akwai kuma batun alwala. Rufin da ke hana gumi ɓata kwalliya yana iya hana ruwa isa ga fata, kuma sananne ne a wurin malamai cewa ana kawar da abin da ke tare ruwa kafin alwala. Wadda ta dawo daga biki da sallar isha'i a kanta, wankin nan na mai shi ne hanyar da za ta tabbatar fuskarta ta buɗe wa ruwa.

Babban abokin gabar wannan aiki gajiya ce, domin kwalliya mafi nauyi a dare mafi gajiya ake dawowa da ita. Saboda haka kada ki bari sai barci ya zo. Kafin ki fita biki, ki ajiye man wanki da auduga da tawul mai tsabta wuri ɗaya, kuma da kin shigo, ki fara da fuska kafin ki zauna. Idan ƙarfinki bai kai ga duka ba, ki yi ido da wankin mai, ki ɗauraye sosai, ki bar na biyu zuwa asuba. A babi na gaba za mu duba abin da ya kamata a shafa a fatar da aka wanke, da abin da bai kamata a haɗa a dare ɗaya ba.